Dala dubu ɗaya, wata biyar a Alƙahira: ya zan raba ta?

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah waɗanda suka daɗe a Masar ku ban shawara. Sabon zuwa ne ni, yanzu haka ina sauke a wajen wani ɗan garinmu amma ba zan daɗe ba don su ma a takure suke. Baba ya haɗo ni da dala 1,000 yace kuɗin zango ne gaba ɗaya, daga Oktoba har ƙarshen Fabrairu, kuɗin makaranta an riga an biya daban, kuma yace kar in kira shi a kan maganar kuɗi kafin lokacin sai dai in rashin lafiya. Ni dai lissafin da nayi, in na ɗauki dala a fam 50 na Masar ya zama 50,000, in raba biyar, 10,000 duk wata. Na samu ɗaki biyu, ɗaya a Hayyus Sabi ni kaɗai 5,000 a wata kuma da ƙafa zan dinga shiga makaranta, ɗayan a Hayyul Ashir mu biyu a ɗaki mu huɗu a gidan, 2,500 kowa. Raina yafi kwanciya da na farkon saboda karatu, kunga in na biya 5,000 saura 5,000 na abinci da sauran abubuwa. Zai isa?

Baffa Gwale: Wa alaikumus salam. Zai isa mana, 5,000 ai kuɗi ne in ba almubazzaranci zakayi ba. Kuma tunda ba zaka hau mota ba ka huta da kuɗin mota. Ni shawarata ka canza kuɗin duka yau ka biya hayar wata biyar a dunƙule, abinda ya rage shine naka, hankalinka kwance.

Malam Habu: Ƙanena barka da zuwa, Allah ya sa ka shigo a sa'a. Ka dakata da biyan kowa tukuna. Matsalar lissafinka ba a haya take ba, a raba biyar ɗin take. Watannin nan ba kansu ɗaya ba, watan farko shi kaɗai yana iya cin kuɗin wata biyu, kuma akwai kuɗin da zasu fita sau ɗaya tak amma dole su fita. Sai ka cire waɗannan gefe sannan ka san nawa ne naka na gaskiya.

Mu ɗauki ɗakin 5,000 ɗin. Hayar wata biyar 25,000. Mai gida zai karɓi ta'amin, aƙalla kuɗin wata ɗaya, wasu ma wata biyu suke cewa, mu bar shi a 5,000. Simsar, wato dillalin da ya nuna maka ɗakin, shima zai miƙo hannu, in ka iya ciniki rabin wata, 2,500. Kaga kafin ka sa loma ɗaya a baki 32,500 ta tafi.

Sai abubuwan da ko ina ka zauna suna nan. Iƙama, wato izinin zama, da takardunta da hotuna da zirga-zirgar Jawazat, ofishin shige da fice, ka ware 3,000 kuma ka tambayi wanda yayi tasa a wannan watan don kuɗin yana canzawa. Littattafai da muzakkira, wato takardun darasi, 2,000. Bargo mai nauyi da rigar sanyi 2,000, kar ka raina wannan, sanyin Disamba da Janairu a nan cikin ɗaki yake shiga ya zauna. Tukunya, faranti, bokiti, filo, zanin gado, 1,000. Ya zama 8,000. Sannan dala 100 da ba za a taɓa ba sai ta-kwana, 5,000 kenan. Haɗa duka 45,500. Abinda ya rage maka 4,500 na wata biyar, wato 900 a wata, fam 30 a rana, kuma a ciki zaka ci abinci ka sa kati a mita ka sayi data. Kushari ƙaramar roba ɗaya ta cinye kuɗin ranar.

Ɗan Zariya: Innalillahi. Malam wallahi ta'amin ɗin nan na ɗauka cikin haya yake, kamar kuɗin watan ƙarshe ne ka biya tun farko.

Malam Habu: A'a, ajiya ce ta ɓarna, sai ranar da zaka bar gidan ake maganarta, kuma ba kasafai take dawowa cif ba, za a ce fenti, za a ce famfo. Ko ta dawo ba a wannan zangon ba, don haka a lissafinka ka ɗauka ta fita. Ranar da zaka shiga ka ɗauki bidiyon ko'ina, firij, injin wanki, tagogi, bayi, ka tura wa mai gidan a waya ya zama akwai shaida da kwanan wata.

Baffa Gwale: To Malam ai ka cika lissafin da yawa ne. Bargo 2,000? Ya je Ataba ko Wikalatul Balah ya samu na hannu da rabin haka. Kuma dala 100 ɗin nan ai tana nan bata tafi ko ina ba.

Malam Habu: Na yarda da maganar bargo, zai iya rage 700 ko 800 a can. Amma ko ka mayar masa da 1,000 cif, 5,500 a wata biyar ne, bata canza komai ba Baffa.

Ummu Hanan: Dan Allah tunda ana maganar Masar, ƙanina yana son zuwa karatun likita, ta ina ake fara neman gurbin kuma nawa ne kuɗin shekara?

Yaya Binta: Ummu Hanan ki buɗe taki tambayar daban za a amsa miki insha Allah, kar ta yaron nan ta ɓace. Malam Habu a yi masa lissafin ɗaya ɗakin mu gani, ni inaga shima ba wani yalwa zai samu ba.

Malam Habu: Haka ne, ba yalwa amma ana rayuwa. Haya 2,500 sau biyar 12,500, ta'amin 2,500, kasonsa na simsar 1,250, ya zama 16,250. Ƙara 8,000 ɗin can da 5,000 ta ajiya, 29,250. Saura 20,750.

Daga nan ka daina lissafi da wata, ka koma sati. Daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Fabrairu sati 22 ne in an cike. Dalilin da yasa nace sati, mutum in yaga kuɗin wata a hannunsa kwana goman farko yake cinye rabi, amma in na sati ne ko ka zarce ranar Laraba zaka gane, kwana biyu kawai zaka daure.

Wuta da gas da ruwa da kuɗin bawwab mai gadin gida da intanet na gida in an raba huɗu, ka sa 600 a wata, 3,000 kenan. Data da kira 250 a wata, 1,250. Mota daga Ashir zuwa makaranta da dawowa ka sa 30 a rana, kwana biyar a sati 150, sau 22 ya zama 3,300. Waɗannan ukun 7,550. Cire daga 20,750, saura 13,200. Raba 22, fam 600 daidai a sati na abinci. Wannan shine ainihin kuɗinka ƙanena, 600 a sati, ba 5,000 a wata ba.

Ɗan Zariya: 600 a sati kamar 85 a rana kenan. Malam jiya kawai shawarma da lemo na saya 130 ta tafi.

Yaya Binta: To kaji. 85 a rana in a waje zaka ci yunwa ce, in a gida zaku dafa ku huɗu abinci ne har da nama. Bari in gaya maka yadda muke yi a gidanmu, mu ma huɗu ne. Duk ranar Juma'a kowa ta ajiye 400, ya zama 1,600, akwai gwangwanin madara da muke sawa a ciki da ɗan littafi a gefe, duk wadda ta ɗauka ta rubuta. Mutum biyu suke zuwa kasuwa bayan la'asar lokacin masu kayan miya sun fara sakin farashi. Shinkafa da makaroni da mai da adas muna sayensu na wata guda a dunƙule, sati na farko kenan yake nauyi shiyasa a satin bama sayen kaza sai ƙwai kiret ɗaya. Sauran satittikan kaza biyu, a yanka mana a wajen mai kaji a raba kashi huɗu a sa a firiza, kowane ƙulli na miyar kwana biyu. Tumatir da albasa da dankali da kabeji suna da sauƙi a nan in ka gwada da gida. Karin safe ful da burodi da shayi, ko ɗa'amiya.

200 ɗin da ta rage a hannunka ita ce ta makaranta, sanwic ɗin ful ko ɗa'amiya biyu da rana, ranar da ka ga dama kushari. In kana son shawarma ka tara ta kwana uku ka ci ranar Alhamis.

Abu ɗaya da zan ja maka kunne, kafin ka biya kuɗin ɗakin Ashir ɗin ka tambayi mutum ukun nan, suna girki tare ko kowa tasa ta fisshe shi? In basa haɗa tukunya lissafin Malam Habu ya rushe, don mutum ɗaya bazai iya dafa wa kansa da 400 yaci irin abinda huɗu suke ci da 1,600 ba, mai kwalba ɗaya ne ko kai kaɗai ne ko ku huɗu.

Ɗan Zariya: Yaya Binta na tambayi ɗaya daga cikinsu yanzu, yace su biyu suna haɗawa, na ukun baya ci da su don shi kullum a waje yake.

Yaya Binta: Ku uku ma ya yi. Amma ku yi magana tun farko a kan baƙi, wanda ya kawo abokansa uku cin dare kullum ya ƙara kuɗi, a nan ake ɓatawa.

Abdul Bu'us: Ni gaskiya ban gane wannan wahalar ba. Mu a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban waje na Azhar, ɗaki kyauta abinci kyauta, ga ɗan abin da ake bamu duk wata. Me zai hana ya nemi ɗaki a nan ya riƙe kuɗinsa?

Malam Habu: Abdul kai da minha kazo, wato tallafin karatu. Shi da kuɗin gida yazo, ba shiga ake kawai a ce a bani ɗaki ba. Ya rubuta takarda ya nema babu laifi, amma bazai gina lissafin zangon nan a kan abinda bai samu ba.

Ɗan Maraɗi: Salam. Ni inada magana kan abinda Baffa yace na canza kuɗi duka rana ɗaya. Kar ka yi. Waɗanda suke nan a 2024 sun gani, ranar 6 ga Maris dala tana wajen fam 31 a banki da safe, kafin yamma ta kai kusan 50. Wanda ya canza kuɗin zangonshi duka kwana ɗaya kafin nan ka lissafa abinda ya rasa. Ka riƙe dalarka, kowane wata ka fidda abinda kake buƙata ka canza. Mu namu sefa ce a ɗaure da yuro, to ni yuro nake riƙewa, haka nike tun zuwana.

Baffa Gwale: Wancan lokacin daban ne ai, kowa ya san za a karya fam don kasuwar bayan fage ta riga ta wuce 60. Yanzu fa? Akwai watannin da fam ɗin ne ma yake ƙara ƙarfi, wanda ya riƙe dala shi yayi asara. Kuma kuɗi a ƙarƙashin katifa a gidan da baka san mutanen ba, wannan ma haɗari ne.

Ɗan Maraɗi: In fam ya ƙara ƙarfi da fam ɗaya ko biyu yake ƙarawa a hankali. In ya faɗi rana ɗaya yake faɗuwa da yawa. Wace asara tafi? Maganar ajiya kuma gaskiyarka, wannan sai ya nemi dabara.

Yaya Binta: Ku biyun kun tuna min wani abu. Ɗan Zariya 50 ɗin da ka yi lissafi da ita, ka duba allon banki kuwa ko dai don sauƙin lissafi ka ɗauka? Don a kan dala 1,000 duk fam ɗaya da ya ragu 1,000 ce ta tafi. In 48 aka canza maka, 2,000 babu, abincin sati uku da ɗoriya kenan a lissafin Malam.

Ɗan Zariya: Don sauƙi na ɗauka Yaya. Wani yace min akwai mai canji a unguwa da yake ƙara wani abu a kan na banki.

Malam Habu: Kul. Canjin kuɗi a wajen banki ko sarrafa mai lasisi laifi ne a dokar ƙasar nan, ana kama mutane a kai kuma kuɗin ma a ƙwace, kai kuma baƙo ne ko iƙama baka yi ba. Tun bayan Maris 2024 ɗin ma bambancin bai taka kara ya karya ba. Ka je da fasfo ka canza a banki ko sarrafa ka karɓi rasit ka adana, don tun 2023 ake neman shaidar cewa ta banki ka canza kuɗin da zaka biya na iƙama.

Game da rigimar Baffa da Ɗan Maraɗi ni tsakiya nake. Watan farko dole ka canza da yawa, haya da ta'amin da simsar da iƙama da kayan gida da kuɗin sati huɗu, zai kai dala 350 ko kusa. Sauran ka bar su a dala ka dinga canza kamar 130 zuwa 140 duk wata. Ɗari ɗayan ta ajiya kuwa ka raba ta da sauran tun yau, in akwai babba da ka yarda dashi ka bashi amana a rubuce.

Biyan hayar wata biyar a dunƙule kuma ban goyi baya ba a gidan da baka taɓa kwana ba. In ka shiga ka tarar ruwa baya hawa sama ko baku jitu da abokin ɗaki ba, kuɗinka ya maƙale.

Baffa Gwale: Amma Malam ka san dalilin da yasa nace haka. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 mutane suka cika Alƙahira haya ta haukace, mai gida yana iya zuwa tsakiyar zango yace ya ƙara ko ku fita. Wanda ya biya gaba ya tsira daga wannan.

Malam Habu: Wannan gaskiya ne, amma maganinsa takarda ce ba biyan gaba ba. Ɗan Zariya ka nemi ganin aƙadin hayar da idonka, sunan wa ke kai, yaushe zai ƙare, kuma nawa aka rubuta za a ƙara in an sabunta, yawanci kashi goma cikin ɗari suke rubutawa a shekara. In aƙadin zai ƙare a Disamba to 2,500 ɗinka ta wata uku ce kawai, daga Janairu wani farashi ne.

Ɗan Zariya: Na tambaya, wai a ƙarshen Janairu zai ƙare.

Malam Habu: To kaga. Fabrairu ka sa 2,750 in mai gidan ya tsaya a kan abinda aka rubuta, in kuma sabon aƙadi zai yi zai iya faɗin abinda yaga dama. Ku zauna dashi tun Nuwamba, kar ku bari sai ana jarabawa.

Sani Injiniya: Ni a kan wuta zan yi magana don 600 ɗin da Malam ya sa zata iya zama 1,000 in ba a kula ba. Wutar nan mataki-mataki ce, iya yawan abinda kuka ja a wata iya tsadar kowane kilowat, sai wata ya ƙare a koma ƙasa. Shiyasa zakaga katin 200 a farkon wata ya yi kwana goma, a ƙarshen wata kwana huɗu. Abu biyu ke kai mutum matakin sama lokacin sanyi, hita ta ɗaki da sakkan na ruwan wanka in na lantarki ne. Ka duba bayin, in sakkan ɗin na gas ne kun huta. In na wuta ne ku dinga kunna shi minti talatin kafin wanka ku kashe, kar a barshi kwana. Kuma in mitar ba ta kati bace ta takarda ce, ka ce a nuna maka rasit na watan da ya wuce, kar ka gaji bashin wanda ya tashi.

Abban Sadik: Assalamu alaikum. Ni uba ne, yarona yana can shekara ta biyu, ina bin maganar nan tun ɗazu. Abin da nake so ku gane, mu a nan naira muke samu, kuma tun 2023 da aka saki naira abin da muke haɗawa mu sayi dala 1,000 ya ninka fiye da sau biyu. Mahaifin yaron nan da ya ce kar a kira shi ba rashin tausayi ba ne, ya san abin da ya sayar ne ya haɗa. Amma ɗana, ka tura masa lissafin nan na Malam Habu yadda yake, tun yanzu. Ba roƙo ba ne. Uba ya fi son ya san a Oktoba cewa kuɗi za su yi kaɗan a Fabrairu, da a buga masa waya da dare a ce yau ake bukata.

Ɗan Zariya: Na gode Abba, Allah ya ƙara girma. Nauyinsa nake ji wallahi amma zan tura.

Yaya Binta: Tunda Abba ya kawo Fabrairu, akwai ramin da ba wanda ya ambata. Jarabawa a Janairu take, hutun tsakiyar shekara gajere ne, zango na biyu a cikin Fabrairu yake farawa. Ma'ana littattafan zango na biyu a cikin kuɗin nan zasu faɗo, ba a kuɗin da za a turo ba. Sannan hayar Maris ranar ɗaya ga wata mai gida zai buga ƙofa, in kuɗin gida suka yi jinkirin sati ɗaya fa? Ni a wajena kuɗin zango ba ranar da zango ya ƙare suke ƙarewa ba, sai ranar da na gaba suka shigo hannu. Kuma a daidai hutun ne ake baje kolin littattafai na Alƙahira, ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, duk ɗalibin da ya shiga wajen nan da kuɗin abinci a aljihu sai Allah.

Malam Habu: Wannan ta wuce ni, gaskiyarki. To a gyara. Littattafan zango na biyu a ƙara 1,500, ƙarin hayar Fabrairu 250. In an samu rarar 750 a bargo kamar yadda Baffa yace, saura 1,000 da za a nemo, kusan 45 a sati. Ko dai abinci ya koma 555, ko a rage a mota. Hayar Maris kuwa bata da wajen zama a cikin dubu ɗayan nan sai dai a jingina ta da dala 100 ta ajiya, shiyasa maganar Abban Sadik take da muhimmanci, a sanar da gida cewa kuɗi na gaba su iso kafin 25 ga Fabrairu.

Sani Injiniya: A mota ana iya ragewa. Metro bata shiga Ashir, don haka kullum ƙananan motocin nan ne ko bas, kuma duk sanda aka ƙara kuɗin mai suma sai sun ƙara. Ka koyi inda mota ɗaya zata kaika kai tsaye maimakon hawa biyu, ka tambayi 'yan ajinku da suke unguwar. In zaka shiga cikin gari ka haɗa da metro, a Agustan 2024 an sa tikitin tasha tara fam 8, mafi nisa 20. Abinda ke kashe kuɗi Uber ne ranar da ka makara, tafiya ɗaya kuɗin motar kwana huɗu ko biyar.

Hafiz Gombe: Ni abinda ya cinye min ajiya bara ba ciwo bane ba komai ba, baƙi ne. Wani ɗan uwan babanmu aka kawo asibiti, aka bada lambata tunda ina jin Larabci, sati biyu ina bin su daga masauki zuwa asibiti zuwa kantin magani, motar da nake hawa in je in dawo duk daga aljihuna, su kuma hankalinsu na kan mara lafiya ba wanda ya tuna. Ba zaka ce a'a ba, lada ne kuma zumunci ne. Amma ka sani yana zuwa, duk ɗan Arewa da ke Alƙahira sai an turo masa mara lafiya ko saƙon jallabiya da littafi a ce a saya za a bayar.

Abban Sadik: Wannan laifinmu ne mu na gida. Ɗana in an turo maka saƙon saye ka ce a turo kuɗin tukuna, da ladabi, ba wanda zai ga laifinka.

Baffa Gwale: Sai bashi tsakanin ɗalibai. Ni ra'ayina in ɗan uwa ya zo kuɗinsa basu iso ba ka bashi daga ajiyar, gobe kai ne. Ajiyar da bata taimaki kowa ba meye amfaninta.

Yaya Binta: Baffa ban yarda ba. Ya kira shi ya ci abinci a gidansu kullum har kuɗinsa su zo, wannan dole ne. Ya bashi 100 ko 200 daga kuɗin satinsa in zai iya. Amma dala ɗarin nan ta ranar da haƙori zai tashe shi da dare ce ko a ce gwaji da allura, a nan asibitin kuɗi ba a duba ka sai ka biya. In ya bayar da ita wa zai nema?

Baffa Gwale: Wanda ya ba mana. Haka muke rayuwa a nan tun kafin kizo.

Yaya Binta: Wanda ya ba ai shima jiran gida yake.

Malam Habu: Wannan kowa da halinsa, ba zan raba muku ba. Ni dai abinda nake kira ta-kwana uku ne, ciwo, takarda da hukuma ta nema ba shiri, da tashi daga gida dole. Iƙama kuma kar ka bari bizarka ta ƙare baka fara ba, tara ake ci.

Sani Injiniya: Au, waya. Ɗan Zariya wayar da kazo da ita daga gida ka sa mata layin nan? Tun Janairun 2025 akwai haraji a kan wayoyin da aka shigo dasu daga waje, ya haura kashi ɗaya cikin uku na kimar wayar, in ba a daidaita ba bayan kwana 90 layin Masar ya daina aiki a kanta. Ka sauke manhajar Telephony ka sa lambar IMEI ɗinka ka gani ko akwai kuɗi a kanta. Zaka samu lambar in ka danna `*#06#`.

Ɗan Zariya: Na sa layi tun ranar da na sauka, ban san da wannan ba sam. Bari in sauke in duba. In ya nuna kuɗi mai yawa ya zanyi, daga ajiyar zan cire?

Sani Injiniya: Ya danganta da nawa ya nuna. In wayar mai tsada ce wani lokacin gara ka barta a kan intanet na gida kawai ka sayi ƙarama a nan ta kira. Turo abinda ka gani tukuna.

Ɗan Zariya: To. Na dai yanke zan ɗauki na Ashir, na faɗa wa simsar ɗin Sabi ya ba wani. Gobe bayan azahar zan je ganin aƙadin da mitar, Malam Habu in kana kusa dan Allah ko zaka raka ni, Larabcin mai gidan da sauri yake yi bana kama rabi.

Malam Habu: Ina da darasi har ƙarfe biyu, mu haɗu biyu da rabi. Kazo da fasfo da kwafinsa, kuma kar kazo da kuɗin ta'amin gobe, gani kawai zamu yi.